Yadda Ake Yi wa Fasta Lambar QR, da Yadda Ake Jarraba Ta daga Nesa

Duk wanda aka ɗora wa alhakin shirya fastar wata sanarwa a wannan zamani, ta wa'azi ce ko ta ɗaukar ɗalibai ko ta tallan haja, da wuya ya gama aikinsa ba a ce masa ya sa wannan murabba'i mai baƙi da fari a ƙasanta ba, wato lambar QR, wadda mutum ke saita kyamarar wayarsa a kanta sai ta buɗe masa shafi a yanar gizo. Wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1994, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Masahiro Hara, domin bin sawun sassan mota a masana'anta, inda na'ura ke karanta ta daga kusa. To, amma fastar da aka liƙa a bango, rana na dukanta, mutane na tsaye can nesa da ita, wani al'amari ne dabam; saboda haka abin da wannan jagora ke nufin tabbatarwa shi ne cewa ingancin lambar ya rataya ne a kan girman ƙananan gidajen da ke cikinta idan an gwada su da nisan mai tsayuwa, kuma ba a yanke hukunci a kan haka sai an je wurin an jarraba.

Domin kada bayani ya watse, bari mu ɗauki mas'ala guda mu bi ta daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara wata makarantar Islamiyya ce ta shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani, ta buɗe fom na rajista a yanar gizo, tana kuma son ta liƙa fasta mai girman A2, wadda faɗinta santimita 42 ne, tsayinta kuwa ya kusa 60, a bangon makarantar ta bakin titi. Tsakanin bangon da inda jama'a ke wucewa akwai kwata, har ya zama mai son karanta sanarwar ba zai iya matsowa ƙasa da mita 2 ba.

Fasali na farko: sifar lambar

Wanda ya taɓa ganin hatimin da malamai ke zanawa a allo, layuka a tsaye da layuka a kwance suna tayar da gidaje daidai wa daida, ya riga ya fahimci tsarin lambar QR, sai dai ita a maimakon harafi ko adadi, kowane gida nata ko dai baƙi ne ko fari. Mafi ƙanƙantarta tana da gida 21 a kowane gefe, daga nan kowane mataki yana ƙara gida 4, wato 25, 29, 33, har zuwa mataki na 40 mai gida 177. Yawan haruffan da aka zuba mata shi ke tilasta ta hawa mataki, kuma tun da filin da aka ware mata a fasta ba ya ƙaruwa, duk gidan da ya ƙaru sai ya rage wa 'yan'uwansa girma.

A kusurwoyinta uku akwai manyan murabba'ai, waɗanda za mu kira idanu, da su ne waya ke gane cewa lamba ce ke gabanta, ta kuma san samanta da ƙasanta. Kewaye da ita kuma wajibi ne a bar haraba, fili fari fat wanda faɗinsa bai gaza gida 4 ba ta kowane ɓangare, kamar yadda ƙa'idar lambar ta shar'anta. Wannan haraba daga cikin lambar take, ko da yake ido na ganin ta kamar filin banza, kuma galibi ita mai zanen fasta ke fara ci idan wuri ya yi masa kaɗan.

Fasali na biyu: gyara adireshi tun kafin a yi lamba

Babban aiki yana kan adireshin shafin da za a zuba a ciki, domin shi ne ke hukunta yawan gidaje. Adireshin fom, yadda ake kwafo shi daga wurin da aka ƙirƙire shi, yakan zo da jela mai tsawo ta haruffa da alƙaluma, har ya kai harafi 110 ko fiye. Irin wannan, a matsakaicin ƙarfin gyara, yana bukatar lamba mai gida 45. Idan kuwa makarantar tana da shafinta, sai ta buɗe gajeren adireshi wanda zai riƙa miƙa mutum ga fom ɗin, misali `https://example.org/musabaka`, wanda harafi 28 ne kacal, lamba mai gida 29 ta wadatar da shi. Wata fa'idar wannan dabara ita ce, idan fom ya sauya bayan an buga fasta, sai a karkatar da gajeren adireshin zuwa sabon wuri, lambar da ke bango kuwa tana nan yadda take.

A lura da cewa an rubuta sunan shafin da k mara lanƙwasa. Haruffanmu masu lanƙwasa, idan suka shiga adireshi, sau da yawa manhaja kan mayar da kowannensu haruffa shida, ƙ ta koma `%C6%99`, abin da ke ƙara wa lambar nauyi, ya kuma wahalar da wanda zai buga adireshin da hannu.

Akwai kuma tarkon da ya wajaba a yi hattara da shi. Yawancin shafukan da ke yi wa mutane lamba kyauta suna da iri biyu: tsayayya, wadda adireshinka ne da kansa aka rubuta a cikinta, da mai sauyawa, wadda adireshin kamfanin ne a ciki, shi ke karɓar mutum ya miƙa shi gare ka. Ta farko ba ta da wa'adi, matuƙar shafinka na raye. Ta biyu kuwa rayuwarta na hannun kamfanin, kuma a wurare da yawa idan kwanakin gwaji suka ƙare ba a biya kuɗi ba sai a rufe ta, alhali fastoci sun riga sun bazu a gari. Hanyar bambance su mai sauƙi ce: ka saita waya a kan lambar, kada ka danna, ka karanta adireshin da ya bayyana a fuskar wayar, in ka ga naka ne, tsayayya ce, in ka ga sunan da ba ka sani ba, to, akwai ɗan tsakani.

Fasali na uku: ƙarfin gyara

Daga cikin hikimomin wannan lamba akwai cewa ana zuba mata ƙarin bayani wanda da shi waya ke cike gurbin abin da ya goge ko ya ɓaci. Wannan ƙarfi daraja huɗu ne, ana yi musu alama da haruffan L, M, Q da H, kuma gwargwadon abin da kowace ke iya maidowa shi ne kusan kashi 7, 15, 25 da 30 cikin ɗari, bi da bi. Mai gaggawa zai ce ai sai a ɗauki mafi ƙarfi a huta, amma ƙarin bayanin nan shi ma gidaje yake ci: adireshinmu mai harafi 28, wanda ya zauna a gida 29 a darajar M, idan aka kai shi darajar H sai ya bukaci gida 33. Ga fastar da damuwarta nisa ce, darajar M ita ce madaidaiciya. Ana hawa zuwa H ne idan an dage sai an ɗora tambarin makaranta a tsakiyar lambar, domin tambarin rufe gidaje yake yi da gangan, yana cinye rabon da aka tanada saboda ƙura da tabo. Shawarata ita ce a ajiye tambari a saman fasta inda ya dace da shi, a bar lambar sarai. Kuma a sani cewa ƙarfin gyara yana kare saƙo ne kawai. Idan ɗaya daga idanun nan uku ya yage, galibi waya ba za ta ma gane akwai lamba a wurin ba.

Fasali na huɗu: lissafin girma

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka saba aiki da ita ita ce ɗaya bisa goma: a raba nisan mai tsayuwa gida goma, abin da ya fito shi ne faɗin lambar. Nisanmu mita 2 ne, wato santimita 200, don haka faɗin lambar santimita 20, ban da haraba. Wannan ƙiyasi ne da aka samu daga gogewa, kuma yana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba, wato ya fi dacewa da lamba mai ƙarancin gidaje, domin abin da kyamara ke ƙoƙarin rarrabewa gida ɗaya ne daga maƙwabcinsa.

Idan aka raba santimita 20 a kan gida 29, kowane gida zai samu kusan milimita 7. Haraba gida 4 ce dama da hagu, sama da ƙasa, saboda haka jimillar gidaje 37 ke nan, filin da za a ware a fasta kuwa kusan santimita 26, wanda A2 za ta ɗauka har a samu wurin rubutu a sama. To, a dubi abin da zai faru da an yi amfani da dogon adireshin nan mai gida 45. A cikin santimita 20 ɗin dai, gida ɗaya ba zai kai milimita 4 da rabi ba. In kuma an ce sai an ba kowane gida milimita 7, gidaje 53 har da haraba za su ci santimita 37 daga cikin 42 na faɗin takardar. Wannan lissafi shi ne hujjar da ta sa muka gabatar da gyaran adireshi a kan kome.

Idan lissafi ya nuna lambar da ake bukata ta fi ƙarfin takarda, kamar a ce nisan mita 5 ne, wanda ke neman santimita 50, to, mafita ɗayan biyu ce, ko a buga babban kyalle, ko a sauya wa fastar wuri zuwa inda za a iya matsowa kusa da ita.

Fasali na biyar: yin lambar

Mai kwamfuta yana iya yin lambar ba tare da ya ratsa ta shafin kowa ba. A manhajar zane ta Inkscape, wadda kyauta ce, ana bin `Extensions > Render > Barcode > QR Code`, a rubuta adireshi, a zaɓi darajar gyara. Wanda kuma ya saba da rubuta umarni, akwai ƙaramar manhaja mai suna qrencode:

```
qrencode -l M -m 4 -t SVG -o musabaka.svg "https://example.org/musabaka"
```

A nan `-l M` darajar gyara ce, `-m 4` faɗin haraba ne, `-t SVG` kuma nau'in fayil ɗin da za a fitar. An zaɓi SVG ne saboda zane ne na layuka da ake iya faɗaɗa shi yadda aka ga dama bakin gidajensa bai dushe ba. Idan maɗaba'a ta ce hoto take so, sai a fitar da shi da girmansa tun asali:

```
qrencode -l M -m 4 -s 80 -d 300 -o musabaka.png "https://example.org/musabaka"
```

Wannan yana ba kowane gida ɗigo 80, hoton duka ya zama ɗigo 2960 a kowane gefe, wanda idan aka buga shi a kan ɗigo 300 a inci zai fito kusan santimita 25, dab da abin da muka lissafa. Abin ƙi shi ne a ɗauki hoton fuskar waya, ko ƙaramin hoton da aka sauke, a ja shi har ya cika wuri, domin bakin kowane gida zai yi hazo, baƙi ya malala cikin fari. Haka nan wajen aika wa mai zane ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, saboda idan aka tura shi a matsayin hoto manhajar na iya matse shi ta rage masa inganci.

Ga mai zanen kuma akwai sharuɗɗa uku da ya kamata a gaya masa baki da baki. Na ɗaya, idan zai ƙara girman lambar ya kulle tsayi da faɗi su tafi tare, domin murabba'i ya zauna murabba'i. Na biyu, gidaje su kasance baƙi a kan fari, baƙin ma na tawada ɗaya, domin wanda aka haɗa daga launuka huɗu yakan yi inuwa a gefe idan injin ya ɗan goce. Fari a kan baƙi kuwa ba kowace waya ke karanta shi ba, ruwan zinare a kan kore kuma, duk da kyansa, bambancin haskensu bai isa ba. Na uku, kada rubutu ko ado ya shiga haraba. A ƙarƙashin harabar sai a rubuta gajeren adireshin da babban rubutu yadda ake iya karantawa, tare da jimla ɗaya da ke faɗin abin da mutum zai samu, kamar a ce a yi rajistar musabaƙa a nan, domin wanda wayarsa ta gaza ya buga da hannu, wanda ke shakka kuma ya gwada abin da wayarsa ta nuna da abin da aka rubuta.

Fasali na shida: jarrabawa

Karanta lamba daga fuskar kwamfuta yana tabbatar da abu ɗaya ne tak, cewa adireshin da ke ciki daidai ne, domin fuskar kwamfuta haske take fitarwa, ga ta kuma a gaban mutum. Jarrabawar gaskiya a kan takarda take, kuma ana yin ta kafin a biya kuɗin buga ɗaruruwa. Lambarmu da harabarta ta fi faɗin A4, wanda santimita 21 ne, don haka ko dai a buga ta a A3 da cikakken girmanta, a tabbatar injin bai rage ta ba ta hanyar auna ta da rula, ko kuwa a buga rabin girmanta a A4 a jarraba a rabin nisa, tun da lamba mai santimita 10 a mita 1 girmanta ɗaya a idon kyamara da mai santimita 20 a mita 2. Wannan gwajin farko ne. Na ƙarshe sai an roƙi maɗaba'a ta buga kwafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aiki da ita.

A ɗauki wannan kwafi a kai shi bangon da za a liƙa shi, a manna shi yadda tsakiyar lambar zai yi daidai da tsakanin ƙirji da fuskar mutum a tsaye. A auna ƙasa da tef, a yi alama da alli ko gawayi a mita 1, mita 2 da mita 3. A zo da wayoyi aƙalla uku, kuma lalle a cikinsu a samu tsohuwa mai araha irin wadda galibin iyayen yara ke riƙewa, domin shaidar waya mai tsada ba ta wadatar a nan. Wayoyin iPhone suna karanta lambar da kyamararsu tun shekarar 2017, na Android da yawa su ma haka, wasu kuwa sai ta Google Lens; a jarraba kowace ta hanyar da mai ita ya saba.

A tsaya a alamar mita 2, a ɗaga waya yadda mai wucewa zai ɗaga, ba tare da an jawo hoton kusa da yatsu ba. Idan adireshi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, sau uku a jere, an ci wannan mataki. Sai a ja baya zuwa mita 3, a ci gaba da ja har inda karatu ya yanke, a rubuta wannan nisa ga kowace waya. Abin da ake nema shi ne mafi raunin wayoyin ta wuce nisan da aka nufa da rata mai kyau, kamar rabinsa a kai, saboda wannan rata ita za ta ɗauki nauyin ƙurar hunturu da kodewar tawada a rana. Lambar da ke karantuwa a mita 2 da ƙyar ranar da aka liƙa ta ba abin dogaro ba ce bayan 'yan makonni.

Daga nan sai a koma gefe, domin ba kowa ke tsayawa saitin fasta ba. Mai kallon lamba a karkace yana ganin faɗinta ya tsuke: a kusurwar digiri 45 saura kusan kashi 70 cikin ɗari, a digiri 60 kuwa saura rabi. Haka abin yake ga fastar da aka ɗaga sama ƙwarai, wadda sai an ɗaga kai ake kallonta. Bayan wannan a maimaita gwajin a lokuta dabam-dabam, da hantsi, da tsakar rana, da kuma bayan sallar magariba a ƙarƙashin fitilar da ke wurin, tun da a unguwa lokacin ne mutane suka fi tsayawa karanta sanarwa.

Kowace illa tana da alamarta, kuma mai lura zai gane ta daga abin da ya gani a fuskar wayar. Idan lambar na karantuwa a kusa amma ta ƙi a nesa, gidaje sun yi ƙanana, sai a ƙara girma ko a rage adireshi. Idan an ga farin tabo na ƙyalli a kan lambar, kuma karatu na yiwuwa da zarar an gusa gefe, laifin takarda mai sheƙi ne ko ledar da aka lulluɓe ta da ita, maganinsa takarda mara sheƙi ko sauya bango. Idan ta ƙi a kowane nisa alhali fayil ɗin asali na karantuwa, a duba haraba, da launi, da ko an ja lambar ta gefe ɗaya. Idan tana yi da rana ta ƙi da dare, haske ne ya gaza. Idan kuwa waya ɗaya ce kaɗai ke ƙi, a goge gilashin kyamararta kafin a tuhumi fasta.

Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa, wato a danna adireshin a bi shi har ƙarshe. A yi haka da datar waya a wurin da fastar take, kuma da wayar wanda ba shi da hannu a shirya fom ɗin, domin sau da yawa fom yakan buɗe wa mai shi lafiya lau, amma ya nemi izini ko kalmar sirri daga baƙo. A cike shi, a aika, a je a tabbatar sunan ya shiga rajista.

Bayan an liƙa fastoci, a wakilta mutum guda ya riƙa zagayawa lokaci-lokaci yana karanta su da waya, yana kuma shafa lambar da hannu, saboda an san 'yan damfara a ƙasashe da dama da liƙa tasu lambar a kan ta gaskiya. Wadda ta yage ko ta kode a sauya ta, kuma kada a rufe gajeren adireshin ranar da rajista ta ƙare. A mayar da shi shafin da ke sanar da cewa an rufe, domin fasta takan daɗe a bango bayan taro ya watse. Ya kai mai shirya sanarwa, kada ka ba maɗaba'a izinin buga sauran kwafi sai ka tsaya da ƙafarka a inda jama'a za su tsaya, da mafi raunin wayar da ka samu, ka ga shafin ya buɗe. Allah ya sa a dace.